Malam Habu, kan sunan mujallar nan taku

Assalamu alaikum Malam Habu, ya Yola ya zafi, ya iyali da su Hajiya, da fatan kowa lafiya. Na ga saƙonka da jerin sunayen da ɗalibanka na digiri na biyu suka kawo, na ga abin ya fi ƙarfin amsar waya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka a tsanake.

Bari in fara da wanda ka ce ya fi samun ƙuri'a a wajensu, wato International Journal of Advanced Multidisciplinary Language Research. Don Allah kar ka bari sunan nan ya wuce. Na san abin da yaran suke nema, so suke a ɗauke su da muhimmanci kuma suna da gaskiya, amma duk lakcaran da ya taɓa zama a kwamitin ƙarin girma ya san irin mujallun da ke cika mana imel kullum suna cewa turo takarda da kuɗi mu buga maka cikin sati ɗaya, kusan dukkansu irin wannan sunan gare su, International, Global, Advanced, kalmomi manya manya da ba su gaya maka komai a kan abin da ke ciki. To mai tantancewa yana ganin sunanku zai saka ku a layinsu tun bai buɗe shafin farko ba, shi kuma ɗalibin aji uku da ya rubuta ɗan nazarinsa a kan karin maganar Fulfulde zai ga wannan gidan ba nasa ba ne ya mayar da takardarsa jaka. Ka ga an yi asara ta gefe biyu kenan.

Ni a ganina kuskuren shi ne ana so kalma ɗaya ta yi aiki biyu, ta nuna girma kuma ta yi maraba da mutane, alhali magabatanmu sun riga sun raba aikin tuntuni. Duba Algaita ta sashen harsunan Nijeriya na BUK, cikakken sunanta Algaita: Journal of Current Research in Hausa Studies. Duba Harshe ta ABU Zariya, da Ɗunɗaye ta Sakkwato wadda ta ɗauki sunan garin da mazaunin jami'ar yake, ga Degel ita ma a can, ga Himma a Katsina, har a Yamai cibiyar bincike ta IRSH tana da tata mai suna Mu Ƙara Sani. Duk tsari ɗaya ne, gajeren suna na gida a gaba wanda baki zai iya kamawa, sai bayani a bayansa wanda zai faɗi fannin dalla dalla. Ba wanda ke cewa na buga takarda a Journal of Current Research kaza kaza, cewa ake ta fito a Algaita, shi kenan kowa ya gane. Na gaban shi ke kiran mutane, na bayan shi ke shiga takardar neman ƙarin girma da katalog ɗin laburare. Kuma ka lura da Mu Ƙara Sani ɗin nan, wannan "mu" ɗin ya haɗa edita da mai karatu a tabarma ɗaya, farfesa bai ji an rage masa daraja ba ɗalibi kuma bai ji an kore shi ba.

To yanzu mu bi na Hausar da suka kawo ɗaya bayan ɗaya tunda su ne ke da amfani.

Zauren Masana yana da daɗin faɗa, amma masana ɗin nan ƙofa ce a rufe. Mujallar ɗalibai ce fa, wane ɗalibi ne mai kunya zai kira kansa masani ya turo rubutu? Waɗanda za su turo su ne masu ƙarfin hali, ba lallai su ne masu aiki mai kyau ba. Sannan zaure a al'adarmu wurin zaman maza ne, kuma ka ce min fiye da rabin ajin mata ne, ka tambaye su a gefe ba a gaban taro ba ka ji abin da za su ce.

Tsangaya kuwa ni kaina ina son ta, har jami'o'i na amfani da ita wajen kiran babban rukunin sassa, sai dai a kunnen mutumin gari makarantar allo yake ji. A Kano wannan ba zai hana kowa zuwa ba, amma kai a Adamawa kake, ajinka akwai Fulani akwai Bachama akwai Kilba akwai Margi, Musulmi da Kirista, wani zai ɗauka mujallar addini ce ya wuce abinsa ba tare da ya ce maka komai ba, kuma wannan shi ne mugun abin, wanda suna ya kora ba ya zuwa ya yi ƙorafi, kawai dai za ka ga duk takardun da ke shigowa daga ɓangare ɗaya suke. Idan bayan fitowa biyu ka ga haka to ka fara zargin sunan.

Wannan ya tuna min da maganar ƙungiyar da ka ce za su yi wa rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai tare da mujallar. Ka sa ido sosai kar su rubuta Ƙungiyar Hausawa. Ƙungiyar Hausa ake cewa, kamar yadda aka saba a jami'o'inmu masu shirya Makon Hausa, domin ta farko ta masu jini ce ta biyu kuwa ta duk mai son harshen ce ko daga Inugu ya zo. In ma harsuna da yawa za su haɗa to su ce ƙungiyar nazarin harsuna kawai, kalmar nazari tana ba da nauyi kuma ba ta tambayar kowa asalinsa.

Sai Gada, wanda ka ce kai ka fi so saboda tana haɗa harsuna. Manufar ta yi, amma rubutunmu ba ya nuna karin sauti, gadar da mota ke hawa da gadar daji duk rubutu ɗaya ne, kuma ɗalibai ka san su, sati ɗaya ya isa su fara kiran editocin 'yan farauta. Haka Inuwa, wani zai ɗauka sunan wanda ya kafa ta ne, wani kuma ranar da aka ƙi karɓar takardarsa zai ce ai dama inuwar giginya ce na nesa ka sha. Kowane suna kuka zaɓa ku ba wa mafi tsokana a ajin ya kwana da shi, in ya dawo bai samo abin da zai manne muku ba to ya tsallake.

Wanda ni na tsaya a kai shi ne Mahaɗa. Ga yadda nake ganinsa a bango, Mahaɗa da manyan baƙaƙe, ƙarƙashinsa Mujallar Nazarin Harsuna da Adabi, sai fassarar wannan layin na biyu da Ingilishi da Fulfulde in kuna so, shi dai Mahaɗa ba a taɓa shi. Gaɓa uku ne, wanda Hausarsa ta kasuwa ce ma ya san kalmar, ba ta jingina da addini ko ƙabila ba, tana faɗin ainihin abin da kuke yi tunda takardun Hausa da Fulfulde da Ingilishi za ku riƙa haɗawa, kuma tana da tushe a ƙasarku tunda ga Numan nan inda Gongola ke haɗuwa da Binuwai, ko hoton bango kuke nema kun samu. Kalmar ɗalibai kuma kar ku ɓoye ta gaba ɗaya, ku saka a shafin ciki cewa ɗaliban sashe kaza ke fitar da ita ƙarƙashin kulawar malamai, da sunayen masu tace takardu, nauyin mujalla daga nan yake fitowa.

Matsalarsa ɗaya ita ce ɗ mai lanƙwasa. A adireshin imel da na intanet dole ku rubuta mahada, wasu firintocin gari ma in ba su da rubutun da ya dace sai ka ga akwati ya fito a wurin harafin, don haka ku nemi a ba ku gwajin bango ku gani da idonku kafin a buga. Amma abin da ake dubawa shi ne in lanƙwasar ta faɗi ma'ana ta canza ko ba ta canza ba. Mahada ba ta zama wata kalmar daban ba, kowa zai gane. Da Muryar Ƙasa kuka zaɓa da ta koma muryar kasa, ko Zauren Baƙi ya koma zauren baki, nan kam da na ce a'a.

Kafin ku buga komai akwai ɗan aiki na rabin yini. Ku shiga portal.issn.org ku rubuta sunan da lanƙwasa da kuma babu, ku duba AJOL wato rumbun mujallun Afirka na intanet, ku yi bincike a Google, sannan ka kira mutum biyu ko uku a sassan Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato domin yawancin mujallun sassanmu a takarda kawai suke ba za ka gan su a intanet ba. In wani ya riga ku a fanni ɗaya ku haƙura ku sake, in kuwa a wani fanni ne daban to layin bayani zai raba ku. Bayan nan sai neman ISSN, lamba ce mai alƙaluma 8, a Nijeriya Babban Laburaren Ƙasa ke bayarwa, ta takarda daban ta intanet daban. Abin da yara ba su sani ba shi ne lambar manne take da sunan, ranar da kuka yi wa sunan babban canji sai kun nemi sabuwa, a idon laburare kun zama wata mujallar, takardun da aka buga a baya kuma su zauna ƙarƙashin tsohon suna.

Shi ya sa ma nake cewa kar ku cusa sunan jami'a cikin sunan mujallar. Na farko sai kun nemi izinin hukuma a rubuce, na biyu sunayen jami'o'inmu canzawa suke, Jami'ar Sakkwato ta koma Usmanu Danfodiyo a 1988, Northwest ta Kano aka mayar da ita Yusuf Maitama Sule a 2017, a Yola ma kun ga yadda ta Modibbo Adama ta sauya suna ba sau ɗaya ba. Sunan jami'a ya zauna a wurin mai bugawa a shafin ciki, can in ya canza gyaran layi ɗaya ne. Haka kalmomi irin su National da Federal, in wata rana ƙungiyar ta girma ta je rajista a CAC sai an nemi izini na musamman a kansu, gara tun yanzu a bar su.

Ranar da za ku yanke shawara kar ka kai musu suna ɗaya ka ce shi ne, ka kai biyu ko uku da suka tsallake duk wannan, ka sa kowa ya faɗi jimlar nan da bakinsa, takardata ta fito a kaza, sannan su kaɗa ƙuri'a, in sun zaɓi wani ba Mahaɗa ba ba komai tunda su za su riƙe ta bayan ka bar kujerar. Ka turo min hoton bangon in an zana, kuma in kuna neman mai tace takardun adabi ka saka sunana.

Ka gaishe min da Maman Walid da yara, ka ce wa Baffa ina yi masa sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Naka,
Sabi'u, daga Kano