Kar Ki Haɗa Su Tukuna

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yaran.

Ƙaninki ya dawo daga kasuwar Ringim ya ba ni saƙonki, cewa kin karɓo 'yar mage saboda ɓerayen da suka dami rumbunku, amma tsohuwar magenki ta hana ta sakat, har ita kanta ta daina shiga ɗaki. 'Yata, kar ki dake ta. Shekara shida tana gidan nan, duk lungun da ta goga kumatunta ta sa masa ƙanshinta, a wurinta gidan nata ne. Sai ga baƙuwa an dire mata a tsakar gida. Mage da hanci take fara sanin 'yar'uwarta kafin ido, don haka raba su za ki yi yau, ki sake farawa.

Ki sa ƙaramar a ɗakin ajiyar nan na kusa da madafa, da kwanon abincinta, da ruwa, da tsohon daro mai yashi don bayan gida, a nesa da abincin. Na san za ki tuna matar da aka ce ta shiga wuta saboda mage. Waccan ta kulle ta ne ba ci ba sha, ke kuwa ciyar da ita za ki yi, kina shiga kina wasa da ita. Kwana bakwai aƙalla, ba sa ganin juna. A cikin kwanakin nan ki nuna wa malamin dabbobi ita, ya duba ƙuma da tsutsar ciki, in ta kai wata uku a yi mata rigakafin ciwon haukan kare. Kuma ki rage ba ta madarar shanu, zawo take sa su.

Ga aikin da ya fi komai. Kullum ki ɗauki tsumma mai tsabta ki shafa kumatun ƙaramar, ki ajiye shi kusa da inda babbar take kwanciya. Kar ki kai mata shi hanci, ki bar ta ta zo da kanta. Wani tsumman kuma ki shafa babbar ki kai wa ƙaramar. Lokacin da na kawo wa farar magenmu ƙarama, ranar farko da ta sansana tsumman sai ta yi huci ta haye katanga. A rana ta huɗu ta sansana ta wuce abinta, a ta shida na same ta kwance a gefensa. Sai a ranar na san an kai matakin gaba. Tsumman ne zai gaya miki lokaci, ba ƙidayar kwana ba.

Tare da wannan, ki riƙa ba su abinci lokaci ɗaya, ƙofa a rufe tsakaninsu. Ki fara ajiye kwanon babbar kamar taku biyar daga ƙofar, kullum kina matso da shi kaɗan. In ta ƙi ci, kin yi sauri, ki mayar da shi baya. So ake ta riƙa jin ƙanshin baƙuwar a daidai lokacin da take cin abin da take so, ko ɗan busasshen kifi ne.

Bayan haka sai su ga juna ta bayan ragar waya, ko ki ɗan buɗe ƙofar yadda kai ba zai wuce ba, na minti biyar, kina tsaye. In an yi kwana biyu ko uku suna ci suna ganin juna, sai ki buɗe gaba ɗaya, amma ki bar wa babbar wurin hawa sama, kamar kan buhuna, inda ƙaramar ba za ta bi ta da wasa ba.

Huci kaɗan da mari ɗaya ba faɗa ba ne, tana nuna mata iyaka ne. Abin tsoro shi ne ki ga ta ƙura mata ido ba ƙiftawa, kunnuwa sun kwanta baya, jela ta kumbura, tana gurnani. To nan ki sa faifai ko kwali tsakaninsu. Kar ki sa hannu, cizon mage yana shiga ciki ya ruɓe, ki gargaɗi yaran ma. Sai ki koma matakin baya na kwana uku.

Ki sa ido a kan tsohuwar sosai. In ta fara fitsari a kan katifa ko kaya, ko ta kwana biyu ba ta ci ba, ko kika ji kumburi mai zafi a jikinta, a kai ta wurin malamin dabbobi. Kada wani ya ba ta farasitamol, kashe mage yake yi. Kwanonta da yashinta su zauna daban ko bayan sun saba, kuma ita za ki fara zuba wa abinci. Tamu sai da ta yi kusan wata biyu kafin ta yarda su kwanta a inuwa ɗaya, kuma har ta mutu ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba.

Ki aiko min da labarin tsumman ranar kasuwa mai zuwa. Babanki yana gaishe ku.

Ni ce mahaifiyarki.