Shawarar ɗan katako da baƙonku ya bada ita ke lalata mana balko

Assalamu alaikum Malam Edita, da ma'aikatan gidan rediyonku baki ɗaya.

Ni dai wallahi raina ya ɓaci da shirin nan naku na gine-gine, kuma ba komi ya ɓata mani rai ba sai maganar da baƙonku ya yi wai in za a jera ƙarafan balko sai a yanko ɗan katako guda a riƙa sa shi tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wai hakanan tazara za ta fito daidai. Ya faɗe ta yana dariya kamar wani sirri ya ba mutane, mai gabatarwa kuma ya ce masa madalla. Malam Edita ni mai walda ne nan Maradi, aikin da nike ci da shi kenan, kuma wannan ɗan katakon shi ne ya cika garin nan da benaye masu karkatattun balko. Ku bi unguwar Ali Dan Sofo ko Zariya da rana tsaka ku ɗaga kai, za ku ga ƙarfe ya taho tsaf tun daga wannan poto, yana isa ƙarshe sai ka ga biyun ƙarshe sun matse da juna ko kuma an bar wani ƙaton gibi, na etaj na sama kuma bai hau kan na ƙasa ba.

Katakon ba ya ƙarya, wannan gaskiya ne, amma kowane ƙarfe daga jikin na bayansa ake auna shi, to duk kuskuren da ya shiga na farko yana bin na biyu, na biyu ya ƙara nasa ya miƙa ma na uku. Ɗigon walda ya maƙale jikin katakon, ko yaro bai matse sosai ba, ko walda ta huce ta ja ƙarfen gefe, ko tub ɗin da aka saida maka a matsayin na mili 20 bai cika 20 ba. Mili 2 kacal. Ba idon da zai ga mili 2 a tazara guda, shi ya sa mai aikin ke rantsuwa ya auna, kuma ya auna ɗin.

Bari in ba ku wanda na gyara da hannuna. Wani Alhaji ya kira ni gidansa mai hawa biyu, wani ya riga ya yi masa aikin, ba zan faɗi suna ba. Tsakanin poto da poto santi 510 ne, ƙarafan tsaye tub kare ne mai faɗin santi 2, guda 39. In ka cire faɗin ƙarafan, wato santi 78, saura 432, a raba wa tazara 40, kowace ta tashi santi 10,8. Lissafin mutumin daidai ne, katakonsa ma na gani, 10,8 ne cif. Amma da na sa metir sai kowace tazara ta ba ni 11. Mili 2 sau 39 ya zama santi 7,8, shi ya sa tazarar ƙarshe ta fito santi 3 maimakon 10,8, yatsu biyu ke shiga da ƙyar. Abin da ya ƙara dagula lamarin, a etaj na ƙasa ya fara daga hagu, a na sama ya fara daga dama saboda can wayar injin walda ke kaiwa, sai ga matsatsen wuri a dama ƙasa, a hagu sama, in ka tsaya bakin titi ka duba ƙarafan sama da na ƙasa suna haɗuwa suna rabuwa har kanka ya yi ciwo. Alhaji ya ce mani shi dai ya san wani abu ba daidai ba amma ya kasa cewa ga shi.

Yadda ake yi ba wuya, shi ya sa abin ya ƙona mani rai da ba a faɗa ba. Ka maƙala metir ɗinka a jikin poto sau ɗaya, kar ka ɗaga shi, ka sa alamun duka daga wannan wuri guda. Tazara da faɗin ƙarfe in an haɗa 12,8 ne, to alama ta farko 12,8, ta biyu 25,6, ta uku 38,4, ta goma 128, ta ashirin 256, har ta 39 ta faɗa kan 499,2. Kowace alama bakin ƙarfen na nesa da poton ke sauka a kanta. Wayar da ke aljihun kowa tana da kalkuleta, ba sai an je lakkwal ba. In ka kuskure mili 2 a alama ta bakwai, kuskuren ya tsaya nan a ta bakwai, ta takwas ba ruwanta. Alamun kuma a sa su a ƙarfen kwance na sama da na ƙasa lokaci guda, a haɗa su gefe da gefe a ja layi da ekar, in ba haka ba ƙarfen zai tsaya a gicciye. Sannan a ɗiga walda kawai, a fara da na tsakiya wato na ashirin wanda cikinsa ke kan 255 daidai rabin balkon, a bi sauran, a koma baya a duba da ido, kafin a ƙone su gaba ɗaya. Katakon yana da amfani wuri guda, bayan an ɗiga ka bi da shi ka ga ko akwai tazarar da ta yi yawa.

Kuma kar wani ya ce ai sai a cire ƙarfen ƙarshe a huta. A gidan Alhajin da an yi haka gibin zai zama 11 da 2 da 3, santi 16, kan yaro na wucewa. Ƙa'idar Faransa da injiniyoyinmu ke aiki da ita ta ce tazarar ƙarafan tsaye kar ta wuce santi 11, tsayin balkon kuma kar ya gaza metir 1. Baƙonku bai ko ambaci wannan ba, gidajenmu kuwa cike da yara.

Gyaran da ake yi in an riga an ɓata shi ne a raba kuskuren ga ƙarafa da yawa har ido ya daina kama shi. Tazara 10 na ƙarshe in ka haɗa su 102 ne, kowace ta koma 10,2, to kusa da masu 11 bambancin mili 8 ne, mai lura zai gani. In ka ɗauki 20 na ƙarshe, 212 ne, kowace 10,6, bambancin mili 4, wannan daga titi ba mai gani. Wato ƙarfe 19 za ka yanke da mil, injin yankan ƙarfe, ka sake jerawa. Da balko ɗaya ne da nan zan tsaya. Amma tunda biyu ne ɗaya bisa ɗaya, dole muka yanke duka, muka sa alama a na sama muka sauko da ita ƙasa da igiyar pulon. Lokacin hunturu ne iska na kaɗa igiyar, sai muka tsoma nauyin cikin bokitin ruwa ya natsu. Kuɗin aiki sau biyu, fenti sau biyu, ga tabon mil da sai an bi da mastik.

Magina ma wannan ciwon ne ke damunsu, ina gani a shantiye kullum tunda ni ke zuwa sa ƙofa da taga bayansu. Bulo mai tsayin santi 20 da siminti santi 1,5 tsakani, layi guda 21,5 kenan, layi goma 215. Mason biyu, wannan a kusurwar gabas wancan a ta yamma, ɗaya hannunsa ya fi nauyi yana zuba santi 2, to a layi na goma ya fi ɗan uwansa santi 5, kuma kowa cikinsu zai ce maka nibo ɗinsa daidai yake. Ga bulon da ake bugawa da hannu wani 19 wani 20. Sai an zo linto a ga taga ɗaya ta fi ɗaya tsawo, sai a cusa siminti mai kaurin tafin hannu a layi guda a ce filasta za ta rufe. In bangon na ado ne da ba za a shafe ba fa, irin jan bulo ko dutse da ake sawa gaban gida yanzu? Maganin shi ne a zagaya ginin da tiyon ruwa a sa alamar metir 1 a kowane poto, a samu dogon katako miƙaƙƙe a zana masa layukan duka, 21,5 da 43 da 64,5 har sama, kowace kusurwa a tsaida shi kan wannan alamar, daga nan ake ɗaure igiya. Igiyar kuma in bangon ya yi tsawo tana yin ciki a tsakiya komi jan da aka yi mata, sai an tallafe ta da bulo guda da aka riga aka daidaita. In an tarar da bambanci a tsakiyar aiki a riƙa cin mili 3 ko 4 a kowane layi har ya ƙare, ba a haɗiye shi a layi guda ba.

Tagogin persiyan ma haka, kowace taga a auna ganyenta daga sama bisa layin linto guda, in wannan an fara daga sama wancan daga ƙasa layukan ba za su taɓa haɗuwa ba.

Ina roƙonku ku maido da shirin ku gyara wannan magana, yarana biyu a gareji sun ji ta kuma har sun fara ce mani ai an faɗa a rediyo. Ku nemo wanda ke riƙe da metir kullum ba mai zama biro ba.

Sannan don Allah tallan maganin basir ɗin nan da kuke sakawa tsakiyar shiri ya yi yawa. Mutum na tsakiyar bayani sai a katse shi, a dawo an manta inda aka tsaya, mu kuma masu bugo waya ana cinye mana kati muna jira kan layi, ni nawa ya ƙare ban samu shiga ba shi ya sa na rubuto.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Mai walda, unguwar Zariya, Maradi