Kafin ka kai wa makaranta wasiƙar gyaran ranar haihuwa

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara baki ɗaya. Saƙonka ya iso, na kuma ga hoton takardar shaidar kammala makarantar 'yar tamu. Allah Ya sanya albarka a karatunta. Maganar ranar haihuwar da aka buga ba daidai ba kuwa, gara da idonka ya kai kanta yanzu, tun takardar ba ta fara yawo a ofisoshi ba. Na san ranka ya ɓaci, amma ka ɗan dakata da rubutu, akwai abin da za ka fara bincikawa.

Ka ce an haife ta ranar 3 ga Nuwamba 2009, takardar kuma ta ce 11 ga Maris 2009. Duba lambobin da kyau: 03/11 ne ya juye ya zama 11/03, rana ta koma gurbin wata. A shekarun da na yi ina riƙe da rajistar ɗalibai na sha ganin irin wannan, kuma galibi daga kwamfuta yake tasowa. Wasu kwamfutocin an saita su a kan tsarin Amurka, inda wata yake zuwa kafin rana, mai shigar da bayanai kuwa yana rubuta rana kafin wata. Juyin ba ya yiwuwa sai ranar haihuwar ba ta wuce 12 ga wata ba, tunda babu wata na 13. Saboda haka ka tambayi iyayen 'yan ajinsu waɗanda aka haifa a farkon wata. Idan su ma tasu ta juye, to matsalar ta ajin ce gaba ɗaya, gyaran kuma zai zo maka da sauƙi.

Abin da nake so ka fi riƙewa shi ne, takardar shaida daga rajista ake kwafo ta. Idan aka buga maka sabuwar takarda alhali rajista na nan da kuskurenta, duk ranar da wata jami'a ko wani wurin aiki ya rubuto makarantar yana neman tabbaci, tsohuwar ranar za a aika musu, sai a ga kamar ku ne kuka taɓa takardar. Kamar mai share ruwa ne a ɗaki bai toshe yoyon rufi ba. Don haka ka je da kanka ka roƙi a nuna maka abu biyu: fom ɗin da ka cike lokacin da aka ɗauke ta, da layinta a rajistar shiga makaranta.

Idan fom da rajista duk sun ce 3 ga Nuwamba, a wurin bugawa aka samu tuntuɓe, sabuwar takarda kawai kake nema. Idan fom daidai ne amma rajista ta kauce, sai a gyara rajistar, shugaban makaranta ya sa hannu a gefen gyaran da kwanan watan da aka yi shi. In kuwa tun daga fom ɗin ne, wato daga hannunku ya fito, nan ne za su iya neman takardar rantsuwa daga kotu. Kada ka ji haushi in sun nema. Makarantu sun saba ganin masu son rage wa 'ya'yansu shekaru, dole su yi taka-tsantsan.

Ita wasiƙar, shafi ɗaya ya ishe ta. Ga yadda zan rubuta da ni ne, bayan adireshinka da kwanan wata da adireshin shugaban makaranta:

"Ranka ya daɗe,

Neman gyaran ranar haihuwa a takardar shaidar kammala karatu

Ni ne mahaifin (cikakken sunanta yadda yake a rajista), mai lambar shiga (lambar), wadda ta kammala karatu a wannan makaranta a shekarar (shekarar). A takardar shaidar da aka ba ta, mai lamba (lambar takardar), an rubuta ranar haihuwarta 11 ga Maris 2009. Ranar da take daidai ita ce 3 ga Nuwamba 2009, wato uku ga watan Nuwamba, shekara ta dubu biyu da tara, kamar yadda take a takardar haihuwarta.

Ina roƙon a gyara wannan rana a rajistar makaranta da duk inda aka adana bayananta, a soke takardar da ke hannunmu, a ba ta sabuwa. Na haɗo kwafin takardar haihuwarta da kwafin takardar shaidar. A shirye nake in kawo na asali domin a gani."

Sai godiya, sa hannu, sunanka da lambar wayarka. In makarantar da wani harshe take aiki, ka juya ta yadda take, kada ka ƙara komai.

Ka lura ban rubuta wata da lamba ba ko sau ɗaya. In ka sa 03/11/2009, wanda ya juya ta da farko zai iya sake juya ta. Ban kuma ce "sakacinku" ba, ko da kuwa binciken ya nuna daga wurinsu ne. Magatakardan da zai karɓi wasiƙar wataƙila shi ne ya yi kuskuren, kuma ta hannunsa za ta bi ta isa teburin shugaba. Labarin ɓacin ranka ba zai sa a buga takarda da wuri ba.

Hujjarka mafi ƙarfi ita ce takardar haihuwa ta hukuma, musamman in an yi rajistarta tun yarinyar na jaririya. Katin asibiti ko na rigakafi da takardar firamare suna mara mata baya, amma ka duba kowannensu kafin ka haɗa. Takarda ɗaya mai wata rana ta daban za ta jefa shakku a kan sauran duka. Kwafi za ka bari, na asali kuwa ka nuna ka dawo da abinka. Ita tsohuwar shaidar, kada ka sake ta sai ranar da sabuwa za ta shigo hannunka. In sun dage sai ka bar ta, su ba ka rasit a rubuce. Ka tafi da wasiƙar kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan watan karɓa ka riƙe, ka kuma tambayi ranar da za ka dawo.

Wani zai ce maka a goge da farin ruwan gyara a rubuta da biro, a buga hatimi a kai. Don Allah kada ka yarda. Takardar da aka goge, ko da hannun shugaba ne a kanta, mai tantancewa kallon jabu zai yi mata. Haka nan kada wani ya ba ka shawarar ku bar ranar makarantar ku daidaita sauran takardu da ita. Tazarar wata takwas ba ta kai shekara ba, amma na'urar da ke gwada bayanai ko kwana ɗaya ta gani za ta ce mutum biyu ne.

Akwai kuma inda ikon makaranta ya tsaya. Takardar da na gani a hoton tasu ce, su suka buga, su za su sake. Amma daga wannan rajistar ake tura sunayen ɗalibai ga hukumar shirya jarrabawar ƙarshe, don haka ka duba takardar rajistar jarrabawarta da sakamakon tun yau. In kuskuren ya bi ta can, makaranta ba za ta iya taɓa wannan ba. Iyakarta ta rubuta wa hukumar wasiƙar goyon baya, ku bi ƙa'idar hukumar, wadda takan fi tsauri da ɗaukar lokaci. To sai ka ƙara layi ɗaya a wasiƙarka kana neman wannan goyon bayan, don kada ka yi sawu biyu.

Ranar da aka miƙo maka sabuwar, ka karanta ta a tsaye a ofishin, harafi bayan harafi: sunanta, lambarta, shekarar gamawa, ba ranar haihuwa kaɗai ba, domin wurin gyara wani abu ne akan ɓata wani. Ka turo mini hoton abin da ka rubuta kafin ka kai, in duba maka.

Ka gaishe mini da mutanen gida, ka ce wa 'yar tamu babanta yana taya ta murna.

Naka,
Amininka