Anti, In Kai Wa Firinsifal Wasiƙar Nan Ko In Bari?

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari. Ni mai sauraron shirinki ce daga Rikkos a nan Jos, tela ce ni, yarana huɗu. Kwana shida ke nan da na rubuta wa firinsifal ɗin makarantar yarona wasiƙa, tana nan cikin jakata na kasa kaiwa.

Yaron yana JS2. Duk asamen ɗin lissafi da ya kawo gida 10 bisa 10 yake ci, ni kuma ina ta murna har ina faɗa wa maƙwabta, sai aka yi tes a aji ya ci 4 bisa 20. Abin ya ɗaure min kai, na ɗauko littafinsa na duba da kyau. Fes yake Anti, ba gogewa ba kuskure ko ɗaya, kuma hanyar da ya bi daban da wadda malaminsu ya koya musu a not. Ashe wayata yake ɗauka wai zai duba asamen a gurup ɗin WhatsApp na ajinsu, sai ya ɗauki hoton tambayar da wata manhaja ta zubo masa amsa daki-daki ya kwafe.

Na ce bari in gwada shi. Akwai 3x + 5 = 20 da ya rubuta x = 5, malam ya ba shi maki. Na canza 20 ta koma 26 kawai na ce yi min. Wallahi minti goma yana cizon biro bai gano 7 ba. Na juya masa ita da harkar shago, na ce yadi uku da kuɗin ɗinki dubu biyar sun kama dubu ashirin, nawa ne yadi ɗaya? Yarinyar da nake koya wa ɗinki, wadda firamare kawai ta gama, ita ta amsa daga kan keke, shi yana kallon silin.

A wasiƙar ban zagi kowa ba. Na roƙi a daina turo asamen ta waya tunda shi ke sa musu ita a hannu, a koma rubutawa a allo. Sannan malam ya riƙa ɗaukar tambaya ɗaya cikin asamen ɗin da safe ya canza lamba su yi a gabansa, makin ya zama a kan wannan, don baɗi zai zana jarabawar JS3 kuma ba a shiga da waya.

Babansu ya ce in bari kar a sa wa yaron ido, wai zamani ne kowa haka yake yi. Ni ma tsoron da nake ji ke nan, kar malamin ya ɗauka ƙararsa na kai. To Anti in kai da sunana ne, ko in cire sunan yaron in ba shugaban PTA ya karanta a mitin? Kuma wayar, in hana shi gaba ɗaya ko in ce sai ya yi da kansa tukuna ya duba?

Taki,
Maman yara, Rikkos