Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu gidajen abinci, Maraɗi

Alhazai da Hajiyoyi, iyayena da ƴan uwana, assalamu alaikum.

Zan fara da kuɗin wata tun da shi ne ya fi cin mini rai. Jika ɗaya ce kacal a wata, amma cikinmu mu 34, mutum 11 ne suka biya shekara cikakkiya. Na taka da ƙafata daga Zariya har Sabon Gari, wani ya ce in dawo bayan salla, wata ta sa yaro ya ce ba ta nan alhali ina jin muryarta a madafa. Don haka masu tambaya ina kwanjilatar ɗin haɗin gwiwa da aka yi alkawari, amsar ke nan. Abin da ke cikin asusu bai kai rabin kuɗinta ba, kuma biro ya ga bai dace a ciwo bashi da sunan mutanen da ba sa biya ba. Sikeli ma shida kawai muka iya saye, ana karɓa-karɓa.

Taron wata-wata an yi tara, uku sun faɗi saboda azumi da damina.

Abin da ya faranta mana rai shi ne ranar awo da muka yi a madafar Hajiya ma'ajiya. Da farko Hajiya ta rantse ba ta zubar da komai. Sai muka ajiye bokiti biyu tsawon mako guda kafin ranar, ɗaya na ragowar faranti, ɗaya na abin da ya kwana a tukunya. Da aka ɗora na farko a sikeli ita kanta ta riƙe baki, don kusan duk shinkafa ce, nama kuwa ko tsoka ɗaya ba a bari ba.

A gaban kowa aka dafa kilo 10 na shinkafa, ta ba da wajen kilo 28 dafaffiya. Muka ce yarinyar da ke zuba abinci ta zuba yadda ta saba, muna aunawa. Wani faranti giram 400, wani ya haura 500 idan mai sayen sananne ne, matsakaici dai 450. A haka tukunyar faranti 62 take bayarwa. Sai muka samo ƙaramin kwano mai cin giram 350 idan an cika an shafe baki, a kife shi a faranti, a zuba miya ludayi ɗaya. Tukunyar nan dai ta ba da 80. Faranti 18 ke nan, a dala ɗari-ɗari jika tara, daga shinkafar da a da almajirai da bola suke rabawa. Wani Alhaji ya ce masu saye za su gudu. Hajiya ta ce: "Alhaji, wanda bai ƙoshi ba ina ƙara masa cokali, ƙarin ya fi mini sauƙi da zubarwa." Wata uku yanzu, leburorin tasha kaɗai ta ware wa babban faranti da kuɗinsa daban.

Bokiti na biyu ya koya mana a daina dafa ta yini duka da safe. A dafa kashi biyu cikin uku don rana, sauran sai bayan la'asar idan an ga yadda kasuwa take. Wadda ta rage kuma kada a bar ta rufe cikin tukunya tana hucewa a hankali, balle a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Akwai ƙwayar cuta a shinkafa da dahuwa ba ta kashewa, tana yaɗuwa a ɗumi, kuma gubar da take saki ɗumame ba ya karya ta. A baza ta a tire mai faɗi, kaurin yatsa uku, ta shiga firigo cikin awa ɗaya, a rubuta rana a jikin murfi, ta jiya ta fita kafin ta yau. Idan ta fara yauƙi ko tsami, magana ta ƙare, amma rashin wari ba shaida ba ce.

An yi tambaya kan ɗaukewar kuran. Firigon da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa huɗu, kwanjilatar cikakkiya kusan kwana biyu, rabi kuwa kwana ɗaya. Matsalar ita ce yaran da ke buɗewa kowane minti don ɗauko ruwan sanyi. A ware musu kula da ƙanƙara.

Mutum 19 suka zo ranar awon. Sauran, har da waɗanda suka fi kowa kukan tsadar buhu, ba mu ga ƙeyarsu ba. Aikin katakon ɗora buhuna don kada su sha danshin ƙasa shi ma ya tsaya, kafinta na jiran kuɗin somi. Sikeli biyu suna hannun mutanen da suka san kansu tun kafin babbar salla, a dawo da su kafin taro mai zuwa, a haɗo da bashin wata.

Magatakarda