Sanarwa: a duba baƙaƙe masu lanƙwasa kafin Alhamis

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Rubuce-rubucen da za mu kai wurin buga littafinmu sun shigo, amma da yawa babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Jiya na karanta "ya kara masa kafa", sai da na koma baya kafin na gane ƙara da ƙafa ake nufi. Kara na dawa ne, kafa kuwa ta kafa gida ce.

Don Allah kowa ya sake bin nasa kafin daren Alhamis. Mai Gboard ya ƙara Hausa cikin harsunan madannai. Wanda wayarsa ta ƙi, ya kwafa daga nan: ɓ ɗ ƙ ƴ Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ. Ku nemo kowane k, d da b, ku furta kalmar da baki. Kunne zai raba muku baki da baƙi. Kada a canza su gaba ɗaya, kuka zai koma ƙuƙa.

Alamar hamza ma tana ɓacewa: sa'a, ma'ana, jama'a. Mun tsaya kan ƴaƴa, ba 'ya'ya ba, domin waya kan juya alamar farkon kalma.

Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.