Amsa Ga Mai Shagon Ɗinki Na Titin Bauchi

"Yaya, ga hoton allon da aka rubuta mini. Mutane suna cewa sai sun zo bakin ƙofa suke gane me nake yi. Ina matsalar take? Daga shagona zuwa kwalta ƙafa 60 ne."

Ƙanena, na duba hoton da kyau. Wanda ya yi maka aikin yana da hannu, layinsa a miƙe yake. Amma ka ɗora wa allon kayan da suka fi ƙarfinsa. Na ƙirga layi biyar: sunan shago, kaftani, babbar riga, kayan makaranta, ga lambobin waya biyu. Allon kuwa bai wuce ƙafa 8 a tsawo da ƙafa 2 a faɗi ba, dole harafi ya tsaya wajen inci 3.

Mu masu rubutun allo, ma'auninmu shi ne inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa 10 ta nisa, in ana son a karanta ba tare da an ƙura ido ba. Naka ke nan inci 6 yake nema. Ka tuna mai wucewa cikin Keke Napep daga Farin Gada kallo ɗaya zai yi, kalma uku ko huɗu zai kama.

Sai ka sa babban layin ya zama ƊINKI DA SURFANI. Haruffa 14 ne da tazara biyu, in kowanne ya ci inci 5 a faɗi, an tashi inci 80, ya rage maka inci 8 a kowane gefe. Sunan shago ya hau sama da inci 4, lambar waya ɗaya tak ta zauna ƙasa. Kaurin jikin harafi kuma ya kai inci ɗaya da ɗan ɗori, don siririn rubutu narkewa yake yi daga nesa.

Jan fenti a kan kore ya dame ni ƙwarai. Duhunsu ɗaya, in ƙurar hunturun Jos ta kwanta a kai, shi ke nan. Ka koma baƙi a kan fari ko ruwan ɗorawa.

Sannan an rubuta DINKI babu lanƙwasa, an kuma rubuta GYERA maimakon GYARA. Lanƙwasar Ɗ sai a zana ta da kauri daidai da jikin harafin, in ba haka ba daga titi D za a gani.

Kafin a buɗe gwangwanin fenti, a fitar da rubutun da alli. Ka tsallaka titi da hantsi ka duba, ka sake dubawa bayan la'asar, ka kuma sa wanda bai san shagon ba ya karanta maka yana tafiya. Inda ya yi tuntuɓe, ka turo mini hoton wurin.

Naka,
Yayanka mai rubutun allo, Dilimi, Jos